Waƙar da Salmanu Mai Faci Ya Yi wa Mairama

Rumfata da ta Salmanu mai faci jingine suke da juna a bakin tashar Birnin Gwari. Ni Wakili iri da maganin feshi nake sayarwa, shi kuma taya yake liƙewa. Amma duk garin an san facin na cin abinci ne kawai, ainihin sana'arsa waƙa ce. Tun yana yaro a Kakangi yake bin mahaifinsa wajen Maulidi suna bege, wato waƙar ƙaunar Manzon Allah. A nan ya koyi auna baiti. Da ya girma sai samari suka gano shi, duk wanda bakinsa ya mutu a gaban budurwa sai ya taho a tsara masa.

Na sha ganin yadda yake yi. Sunan yarinyar yake fara tambaya, domin daga ƙarshen sunan yake ɗauko ƙafiya, sautin da kowane baiti zai ƙare da shi. In Adawiyya ce, to kowane baiti sai ya sauka a kan "ya". Sai ya buɗe da sunan Allah da salati, ya yabi iyayenta da halinta kafin ya taɓa kyawunta, kyawun ma daga wuya zuwa sama. Daga nan ya shiga kuka: saurayi ya rame, abinci ya ƙi shiga. Sai roƙon a sadu, sannan baitin rufewa inda mai waƙa ke faɗin sunansa. Karin kuwa da ƙarfen cire taya yake auna shi, yana buga gefen rim yana gunguni.

Wata rana na ce masa, "Kai Salmanu, yaron nan da ka ce ya rame, jiya na ga ya tashi da malmala uku."

Ya ce, "Daga bege muka aro, Wakili. Mai bege ba ya iya riƙe wanda yake so, sai ya yabi garinsa, ya yabi hanyar garin, ya yi kukan nisa. In babu nisa babu waƙa."

Shi ya sa shekara ashirin da bakwai da aure bai taɓa yi wa matarsa Mairama ko ɗango ɗaya ba. Tana nan kusa, mai daddawa ce, kuma kunnenta ya fi ƙarfen nasa kaifi. Yana gunguni a tsakar gida za ta ɗago daga kan tukunyar kalwa ta ce, "Na bakwai yana ɗingishi." In ya sake aunawa sai ya tarar haka ne.

Shekara uku da suka wuce 'yan bindiga suka shiga Kakangi, inda gidansu yake, da hantsi, Salmanu yana nan kasuwa. Mairama ta kwanta cikin dawa daga safe har la'asar tana jin babura suna kai da komo. Bayan nan suka tare a cikin gari, a wani gida da ke bayan rumfarsa. Ta yi wata takwas, sai ta tafi Zariya ganin 'yarsu da ta haihu. Aka yi suna, aka yi arba'in, Mairama ba ta dawo ba. In ya kira sai ta ce sai wani mako.

A nan na ga rama ta gaske. Ni ne na ba shi shawara, kuma ban ji daɗin kaina ba daga baya. Na ce, "Ka haɗa aure ya fi talatin da bakinka, naka ne zai gagare ka?" Kwana biyu ya tsara baiti ashirin, ƙafiyar "ma". Ya rera a wayata muka tura wa 'yar. Wallahi ta yi daɗi. Akwai inda yake cewa:

Wata ɗan sha huɗu, hasken gari,
A cikin hatsi ke ce alkama.

Washegari amsa ta zo, muka saurara tare. Muryar Mairama ce, babu faɗa a cikinta.

"Malam, na ji. Wannan ai waƙar da ka yi wa Yusha'u mai shayi ce, lokacin da yake neman Adawiyya. Can ka ce a cikin ƙarafa zinariya ce, nan ka mai da ita alkama don ta hau sunana. Ina tankaɗe ka tsara ta, ni na gyara maka baiti na huɗu. Wata ɗan sha huɗun nan kuma mata nawa ka ba a garin nan? A gaida Wakili."

Na so in yi dariya, da na dubi fuskarsa sai na fasa. Bai yi da niyyar ha'inci ba. Hannunsa ne ya saba, kamar yadda yake cire taya ba tare da ya duba ba.

Waƙa ta biyun wata biyu ta ci. Ya hana kansa wata da tauraro da barewa, ya ce duk abin da zai iya faɗa wa wata mace ba zai shiga ba. Sai ya ga ashe bai san ta inda zai fara ba. Yakan zauna da taya a cinya ya tambaye ni, "Wai wane hannu ne ta ƙone?" Ni ina zan sani? A hankali baitoci suka fara zuwa:

Tabon wuta na nan a hannun hagu,
Na daminar da ciwo ya hana ni noma.

Rijiyar gida ce, ba ta yin kira,
Sai ta janye ake sanin ni'ima.

Da ya iso baitin ranar Kakangi, yana so ya yabi ƙarfin zuciyarta, sai aiki ya tsaya. Ya ce in zai faɗi yadda ta kwanta cikin dawa, dole ya faɗi abin da take ji. Yana cikin aunawa wani ɗan acaba ya taka burki a gaban rumfar ya murɗa totur. Salmanu ya ajiye ƙarfen, ya juya ya dubi katangar gidansa, taku goma daga inda muke.

Ya ce, "Wakili, babur nawa ke tsayawa nan a yini?"

Na ce, "Sun fi ɗari."

"Wata takwas tana bayan katangar nan. Kullum in na shiga sai in same ta a ƙuryar ɗaki, ina cewa zafi take gudu."

Saura baitin roƙo da na rufewa. Duk waƙar da ya taɓa yi, a nan ake cewa taho. Ya haɗe su biyun wuri ɗaya, ya rera da murya ƙasa-ƙasa:

Ni ne Salmanu mai faci a tasha,
Ina begenki, amma zauna, Mairama.

Muka tura mata. Amsarta ba ta kai minti ɗaya ba. Ta ce, "Wannan tawa ce. Babu inda ta yi ɗingishi." Muna jin kukan jariri a bayanta, sannan ta ce, "Na gode da ka gani, Malam. Zan zauna."

Tana Zariya har yau. Yana zuwa in hanya ta yi kyau, ya kwana biyu ya dawo, domin abincinsa a tashar nan yake. Abin ya tsaya mini a rai, na kasa haƙuri na ce masa, "Da ka bar baitin yadda aka saba, na rantse da ta dawo."

Ya ce, "Da ta dawo, na sani. Na ma tsara shi, Wakili. Kari ya zauna, ƙafiya ta yi daidai. Da na buɗe baki zan rera ne ya ƙi fita."