Sunan da Inna ba ta faɗa

Ni bokona bai wuce aji biyar ba, shi ma rabinsa a kasuwar tattasai na yi. Amma lamba dai ina ganewa, ko da a juye take.

Shekarar da muka gudo daga Baruwa, a bakin kwalta muka kafa bukka, gab da Diffa. Mu bakwai: Inna, ni, ƙannena uku, sai yayata da jaririn da ta haifa a hanya. Mijinta tun daren gudu ba labari. Geron da muka riƙo ya ƙare, nononta ya fara ƙafewa, yaron ko kukan kirki ba ya iyawa. Sai aka ce masu agaji sun zo rubuta mutane, wanda ya shiga lissafi shi ke da rabon abinci.

Muka bi layi ni da Inna. Yaya tana kwance, ba ta iya tashi. Mai rubutun wani saurayi ne da tabilet, gumi har cikin ido. Ya tambayi Inna sunanta, garinmu, da waɗanda ke ci a tukunyarta. Ni kuwa ina can ina tsokanar wani tsoho da ya rantse awakinsa ma 'yan gudun hijira ne, a rubuta su.

Da na waiwayo, saurayin ya kai shafin ƙarshe, inda komai ke jere wuri guda. Ya ce, "Inna, ki saurara, zan karanta miki. In na danna na tura, ya fita hannuna ke nan, ba ya sake buɗuwa a nan. Gyara sai a biro, can babban ofishinmu, kuma kafin su duba kukanku an riga an fidda takardar rabo da abin da na tura."

Na leƙa ta kafaɗarsa. Biyar na gani.

"Malam, tsaya! Mu bakwai ne."

"Kowa a nan yake zama bakwai," in ji shi. "Ɗazu wani ya haifi 'ya'ya uku a gabana."

"Wallahi akwai yayata da jinjiri!"

"Uwar gida ta lissafa, ba ta ambace su ba. Ni abin da ta faɗa nake rubutawa."

Nan na gane. Yaya 'yar fari ce. Inna a rugar Fulani ta tashi, kunyar ɗan fari a jininta take. Tun da nake ban taɓa jin ta kira sunan Yaya ba, sai dai "waccan". In an tambaye ta 'ya'yanta, daga kaina take farawa. Da can abin dariya ne gare ni, har nakan ce ni ne babba da izinin Inna.

Na ce, "Inna, ki faɗa masa."

Ta ja gyale ta rufe baki. "Kai ka faɗa."

"Na faɗa, ya ce ƙaryata ta fi tsawona!"

Layi ya fara hayaniya. Wata mata ta ce mu matsa, ba mu kaɗai yunwa ta sani ba. Saurayin ya nuna mini batir, ja wur. Babban yatsansa yana shawagi bisa wurin dannawa. Na kama hannun rigarsa. Ni da ke sa kasuwa dariya, na nemi wasa ko ɗaya a bakina na rasa.

Na durƙusa gaban Inna cikin rairayi. "In ya danna, babu ita, babu yaron. Abincin mutum biyar za mu raba bakwai. Inna, yaron nan ba zai kai gyaran biro ba."

Ta dubi ƙasa. Tsohon mai awaki ya daina dariya, ya ce, "Baiwar Allah, faɗi. Mu duka kurame ne yau." Ya juya baya. Matar da ke korarmu ita ma ta kau da kai.

Inna ta sunkuya kusa da kunnen saurayin ta faɗi sunan. Ya ce bai ji ba. Ta sake, da ƙarfi, muryar ta fashe a tsakiya. "Ɗiyata ce. Ta fari."

Ya koma baya a tabilet ɗin, ya ƙara Yaya, ya ƙara jaririn, ya ce abokin aikinsa zai bi mu bukka ya gan su da ido. Ya dawo shafin ƙarshe ya karanta daga sama har ƙasa, a hankali wannan karon. Na sa yatsa na bi layi-layi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Bakwai. Na ce ya sake karantawa, ya harare ni, ya sake. Sannan ya danna.

Muka kamo hanya ni da Inna. Da muka shiga bukka Yaya ta ɗago kai da ƙyar.

"An rubuta mu?"

Na buɗe baki in ba ta labari, Inna ta riga ni. Ta miƙo mini kwanon ruwa, idonta na wani gefe.

"Ungo, ba wa waccan ta sha."