Wasiƙar da Oga Terlumun Ya Kai da Hannunsa

Duk wanda ya taɓa buga katin biki ko fostar siyasa a Lafiya, da wuya bai san Ashafa ba. Ɗan garin Arikya ne, siriri, ga shiru kamar ba ya nan. Abin da ya sani na zane a kwamfuta kuwa, kaf a hannun Oga Terlumun ya koya, wani Batibi mai faɗa da son mutane, wanda ya riƙe shi a shagonsa tun bai iya riƙe mawus ba. Daga baya Oga ya sami aiki a wani kamfani mai buga kwalaye da buhunan shinkafa da riɗi, ya bar masa shagon.

Sai duniya ta juya. Masu kawo aiki suka koma haɗa katinsu a waya, shago ya zama wurin cajin waya da hira. Ashafa bai zauna ba, ya duƙufa koyon rubuta wa AI umarnin zana hoto. Ya gano cewa in ka ce mata doya kawai, dankali take zana maka, sai ka siffanta ɓawon da tsawon da launin. Ya san ba a bar mata rubutun jikin kwali, don cakuɗa haruffa take yi. Ya iya mayar da launin allo zuwa wanda injin bugawa zai iya fitarwa. Amma iyawa ba ta cika tukunya, ga matarsa Nasiha da tsohon ciki.

Oga Terlumun ne ya zo da labarin cewa kamfaninsu na neman ƙwararre a wannan fanni. Ya ce Ashafa ya rubuta wasiƙar neman aiki, shi zai kai wa manaja, Madam Doris, da hannunsa, don takardar da ba ta da uba a ciki kwandon shara take kwana. Ya kuma faɗi, cikin dariyar da ba ta kai ciki ba, cewa an fara ƙorafin masu zane sun yi yawa.

Ashafa ya ji wannan maganar sarai. Kada wani ya ce bai ji ba.

Wasiƙar farko da ya rubuta salam take, kowa zai iya sa hannu a ƙasanta. Ya san 'yan Abuja masu digiri za su nema. Sai ya ɗauko hoton buhun shinkafar kamfanin, wanda ya san Oga ya yi makonni a kansa, ya sake shi iri-iri da AI, ya jera kusa da na asali. A sakin layi na biyu ya rubuta cewa abin da sashen zanensu ke kwashe makonni yana yi, shi kaɗai zai gama kafin azahar, kuma da shi kamfani ba ya bukatar masu zane har uku. Ya goge layin, ya mayar, ya sake gogewa. Da Nasiha ta yi nishi daga ɗaki, ya mayar da shi. Kunya ta hana shi barin ambulan a buɗe, ya liƙe shi da gam.

Oga bai tambayi dalili ba. Ya ma rubuta a bayan ambulan cewa yaronsa ne, ya tsaya masa.

Wallahi abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Madam Doris ta ji daɗin wasiƙar har ta karanta sakin layin nan a taron ma'aikata, Oga na zaune. Aka ɗauki Ashafa. Aka sallami biyu daga cikin masu zane uku, aka fara da mai albashi mafi tsoka, wato Oga. An dai roƙi Oga ya kai ƙarshen wata, ya nuna wa sabon ma'aikaci layukan yanka da na ninki na kowane kwali.

Ya kuwa nuna masa, tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Da zagi ya yi, da Ashafa ya sami sauƙi. Ga shi tebur ɗaya suke zama. A cikin watan ne Nasiha ta haihu, Oga ya zo suna da doya a bayan babur.

Ranar ƙarshe, bayan ya kwashe kofinsa da hoton 'ya'yansa, sai ya ja kujera kusa.

"Ashafa, an ce wani kamfani a Makurɗi yana neman mai zane. Kai ka iya wasiƙar da ke sa a ɗauki mutum. Rubuta mini ɗaya."

Ba gatse a muryarsa. Da gaske yake, shekarunsa sun haura hamsin, yara huɗu a makaranta.

"To, Oga," in ji Ashafa.

Ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunan Oga da adireshinsa na unguwar Azuba. Ya tsaya. Duk abin kirkin da ya tuno zai faɗa game da mutumin nan, shi da kansa ya riga ya rubuta cewa ba a bukatarsa. Oga na gefe yana jira, yana goge tabarau da bakin riga.