Jakar da Ta Ƙi Mutuwa

Malam Abdulsalami tela mutumin Fagam ne, amma a Gwaram ya kafa kekensa, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Rigar kujerar babur ya fi ɗinkawa. Ɗinkinsa ba ya farkewa, kowa ya shaida, sai dai Allah bai ba shi baiwar raɗa suna ba. 'Ya'yansa biyar duk yayansa ne ya zaɓa musu suna. Shagonsa kuwa ko allo babu, in aka tambaye shi sunansa sai ya ce, "Shago."

Jakar makaranta ya faro ta ne da guntayen tamfol da ke ragowa. Ya ninka gindinta biyu, ya yi wa hannayen ɗinki uku da zaren nailan, ya ƙi sa zif don ya san zif ne ke fara mutuwa, ya sa marfi da maɗauri. Ba ta da kyan gani, amma kuɗinta bai kai rabin na 'yar kanti ba. Matarsa Talatu ce ta ce masa kayan da ba su da suna ba sa wuce garinsu, don wanda ya saya bai san me zai ce wa maƙwabcinsa ya nemo ba.

Sai ya hau mota zuwa Birnin Kudu wurin Cornelius, mai buga rubutu a rigunan 'yan makaranta. Cornelius ya jujjuya jakar, ya auna marfin da tafin hannu.

"Malam Abdulsalami, abu biyu za ka kawo mini. Suna gajere, wanda uwa za ta ji sau ɗaya ta riƙe har kasuwa, kuma ba na wani ba. Sai 'yar magana a ƙasansa da za ta faɗi amfanin jakar. In haruffa suka yi yawa sai na ƙanƙance su, fenti ya cike su. Kuma kowane suna da nasa allon bugawa, in ka canja sai an yi sabo."

Abdulsalami ya yi ta tunani har Cornelius ya gama buga riga goma sha biyu. Sannan ya ce, "Araha."

Aka buga ARAHA, a ƙasa aka sa "Kowa zai iya." Iyaye suka saya. Yara suka ƙi ɗauka. Duk wanda ya shiga makaranta da ita sai a bi shi ana "Ga ɗan Araha nan!" Wasu suka riƙa goya ta a juye, rubutun na manne da bayansu. Abdulsalami ya gane cewa uba ne ke son jin araha, amma yaro ne ke yawo da kalmar a gadon baya.

Ya koma Birnin Kudu da sabon suna, wanda ya kwana uku yana nema: SAI AJI SHIDA, "Saya sau ɗaya." Wannan ya karɓu, har daga Basirka ana aiko 'yan acaɓa. Ana nan sai ga wani manomi daga Maruta, Maikano, ya yi sallama ya zauna a benci ya cire hula.

"Malam, tambaya na zo yi kafin in saya. Alkawarin nan naka, aji ake ƙirgawa ko shekara?"

"Ai duk ɗaya ne, Malam Maikano."

"A gidanka. Nawa yaron shekararsa uku a aji huɗu, kuma malamansa sun ce bai nuna alamar tashi ba. In jakar ta riga shi gamawa fa?"

Abdulsalami ya ce ba za ta riga shi ba. Maikano ya ce a rubuta masa. Aka nemo takarda, aka kira mai shayi da mai faci su zama shaidu, tela ya sa hannu cewa jakarsa za ta jira yaron ko da zai yi gemu a aji huɗu. Kafin mako ya zagayo iyaye tara sun zo neman irin takardar.

Ya sake hawa mota. Wannan karon bai taɓa sunan ba, 'yar maganar ƙasa ya canja, ya sa "Ko akuya ta gaza." Shi a ransa zolaya ce. Ranar kasuwa ya buɗe shago ya tarar da mutum shida riƙe da igiya, kowa da akuyarsa. Aka rataya jaka a turke, jama'a suka yi da'ira. Awaki biyar suka sunsuna suka kau da kai. Ta shida, wata ja mai ƙaho ɗaya, ta yi minti arba'in tana tauna hannun jakar, ba ta cire ko zare ba, amma ta lashe fentin tas. Aka rabu biyu, wasu na cewa akuya ta gaza, wasu na cewa ai ta cinye maganar gaba ɗaya, don haka babu sauran alkawari. Musun bai mutu ba sai da aka kira la'asar.

Ran nan Abdulsalami ya ce ya bar suna har abada. Yana zaune ya yi tagumi sai ga Malama Ummussalma, mai koyar da 'yan aji uku, ta kawo gyaran hijabi. Ta ji abin da ke damunsa, ta yi dariya har ta dafa ƙofa.

"Baba, ai jakarka ta daɗe da suna. Yaran nan so suke ta yage a saya musu mai hoton mota. Sun ja ta a ƙasa, sun yi ƙwallo da ita, wata ta jiƙa tata a kududdufi kwana biyu. Zaginta suke yi, suna ce mata Ta Ƙi Mutuwa."

Abdulsalami ya maimaita sunan sau uku a hankali. Ya ce, "To me za a sa a ƙasa?"

"Abin da iyayensu ke faɗa: yaro ya gaji, jaka ba ta gaji ba."

Ya buga wa Cornelius waya ya faɗa masa, ya aika jakunkuna ɗari uku a motar safe. Marfin bai da faɗi, sai Cornelius ya matse kalmomin. Rubutun kwamfutar da ya zaɓa kuma ba shi da ƙa mai lanƙwasa. Jakunkuna suka dawo Gwaram ɗauke da TAKI MUTUWA, ana saura kwana kaɗan a fara zuba taki a gero.

Manoma suka taru a ƙofar shago suna tambaya wane takin ake nufi, na buhu ko na turke. Mai sayar da taki na bakin tasha, Alhaji Sabo, ya zo da kansa yana huci, ya ce shi bai taɓa zagin ɗinkin kowa ba. Abdulsalami ya rantse ya kuma rantsewa, ya kira Cornelius a gabansu ya sa wayar a amsa-kuwwa. Cornelius ya ba da haƙuri, ya ce zai yi sabon allo, amma fentin da ya riga ya bushe a tamfol sai dai a haƙura.

Abdulsalami bai haƙura ba. Ya karɓo gwangwanin farin fenti, ya fere tsinken tsintsiya, ya zauna yana yi wa kowane harafin K ƙugiya a ka, jaka bayan jaka. Kwana huɗu ya yi. Alhaji Sabo ya riƙa leƙowa yana duba aikin, a rana ta uku ma ya zauna ya riƙe masa gwangwani.

Jakar ta shiga Birnin Kudu da ƙauyukanta, har wasu teloli suka fara kwaikwayonta. Iyaye kuwa suka koyi shafa ƙugiyar da yatsa, in sun ji tudun fentin hannu su ce ita ce ta ainihi. Da Cornelius ya kawo gyararren allo, masu saye suka ƙi jakunkunan da aka buga da shi, suka ce jabu ne. Dole aka koma wa allo mai kuskure. Har yau Abdulsalami na ɗinki da safe, da yamma kuma ya jawo tsinke ya hau gyaran harafi.