Layi na Huɗu a Takardar Farashi

Ni mai gyaran kwamfuta ne a Kazaure. Shagona ɗan ƙarami ne, amma ina zagaya ofisoshi da makarantu har Roni da Gwiwa a kan babur, inda na yi yarjejeniya da su a kan in riƙa duba musu na'urori duk wata. A aikin nan na ga ƙazanta iri-iri, na taɓa fito da mushen ɓera daga cikin firinta. Amma abin da ya fi tayar min da zuciya wata takarda ce, kuma da hannuna na rubuta ta.

Wata Litinin da hantsi imel ya shigo min daga wani Alhaji mai shagon buga takardu da koyar da kwamfuta a bakin titi. Ya ce yana da kwamfuta goma, yana so in turo masa farashin kula da sabunta su na shekara guda, wato afdet. Ya ƙara da cewa kafin farashin in zo in duba su, in rubuta masa halin da kowacce ke ciki dalla-dalla, in sa hannu da hatimi.

Na yi mamaki. Mutumin nan masallacin Juma'a ɗaya muke, lambata tana wayarsa, in firintarsa ta cije takarda kira yake yi kamar gobara ta tashi. Yau kuma sai imel, har da "ina mai farin cikin sanar da kai". Na ce a raina, to, Alhaji ya waye. Kwangilar shekara ba abin wasa ba ce, don haka ban tsaya dogon tunani ba.

Washegari na je. Shi ba ya nan, ya tafi kasuwar Babura. Wadda na tarar ita ce matar da kowa ke kira Madam, mai riƙe da shagon. Kirista ce, mahaifinta ɗan sanda ne da aiki ya kawo shi Kazaure ya zauna har ya rasu, ita kuma a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta uku suna makaranta, da wannan aikin take riƙe da su. Shekararta tara a kujerar nan. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda mahaifinta ya yi haya a gidansa, shi ya kawo ta ya tsaya mata. Duk garin an san haka, kuma an san Alhaji yana jin nauyin dattijon nan don abokin mahaifinsa ne.

Na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin tsofaffin na'urori masu tsabta kamar su ba. Ta liƙa wa kowacce lamba, fankokin ba ƙura, fayilolin mutane a jere da suna da wata. Sai dai wajen sabuntawa abin ba kyau. Duk goman an kashe musu, wasu sun fi shekara biyu ba su karɓi komai ba. Manhajar kashe ƙwayar cuta ma ta tsufa a kansu. Biyu suna ɗauke da irin cutar nan ta filas, mai ɓoye fayil ta bar hotonsa kawai. Uku kuma sun tsufa har ba za su ɗauki sabuwar manhaja ba, sai dai a lallaɓa ko a canza.

Na ce mata, "Madam, wa ya kashe afdet ɗin nan?"

Ta ce, "Ni ce, Malam. Ni kaɗai ke da fasawod, kalmar sirrin babban asusun da ke sarrafa su." Ta ɗan dubi ƙofa, sannan ta ce, "Alhaji ne ya ce a kashe. Wani wata suka shanye datar duka a kwana huɗu, sannan wata rana ɗaya ta tsaya tana juyi kusan awa guda ga janareto yana cin mai, ga kwastoma yana jira. Ya ce kada ya ƙara gani. Na yi masa magana ya fi sau biyar."

Na ce, "Ai haka masu shago suke duka." Muka yi dariya, ta aika aka sayo min zoɓo.

Na koma shago na zauna na tsara takarda, wallahi har da jin daɗi. Na rubuta yadda zan yi aikin: in fara kwashe ajiyar fayiloli a faifan waje, in gwada sabuntawa a kwamfuta ɗaya tukuna in ga ba ta ɓata firinta da sikana ba, sannan in saki ga sauran. Na ce za a saita su su riƙa karɓa daga juna ta wayar da ta haɗa su, don kada kowacce ta sauke nata ta cinye data. Na ce za a riƙa yi ranar Juma'a da rana lokacin da shagon ke rufe, solar shagon tana da ƙarfi, ba sai an tayar da janareto ba. Na sa farashi a ƙasa.

A sashen halin da na tarar, layi na huɗu, na rubuta cewa an kashe sabuntawa a dukkan kwamfutoci goma daga babban asusu, kuma wannan ne ya bar su a buɗe ga cuta. Na tsaya a nan. Na san sauran maganar, an faɗa min ita ina riƙe da kofin zoɓo. Amma wa zai rubuta wa mutum laifinsa a takardar da yake neman aikinsa da ita? Ba a zagin mai gida a zaurensa. Na buga hatimi, na tura.

Kwana tara ban ji komai ba. A rana ta goma da yamma keke-napep ya tsaya a ƙofar shagona, Madam ta sauko da ambulan a hannu. Ta gaishe ni kamar kullum, ta ajiye shi a teburina.

Ta ce, "Alhaji ya ce in kawo maka fasawod. An sallame ni."

Na buɗe. Ta rubuta kowacce kwamfuta da lambarta da fasawod ɗinta, a gefe kuma ta ƙara bayani: ta uku agogonta yana ɓacewa in an ɗauke wuta, ta bakwai kada a kashe ta da maɓalli. Na tambaye ta me ya faru. Ta ce Alhaji ya buga takardata kwafi biyu, ya kai wa dattijon nan gida, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin layi na huɗu. Ya ce ga abin da gwani ya gano, shekara biyu tana wasa da dukiyarsa da amanar mutane. Ƙanin matarsa da ya gama difloma, ya daɗe yana zaman banza, shi ke kan kujerar tun jiya.

Sai a lokacin na gane imel ɗin. Waya ba ta barin shaida. Mutumin nan ba zai iya korar wadda abokin mahaifinsa ya kawo ba sai da hujja a rubuce, daga bakin wani na waje, da hatimi.

Na ce, "Madam, ki yafe min."

Ta ce, "Ai ba ƙarya ka rubuta ba." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta koma cikin keken da ke jiranta.

Da safe na je wajen Alhaji. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce ya ga farashin, ya yi daidai, sai dai a rage kaɗan, kuma zancen yin afdet duk wata ya yi yawa, a mayar da shi sau biyu a shekara saboda data. Ka ji fa. Abin da ya kori mace a kansa ke nan yake so in ci gaba da yi masa da farashi. Sabon mai kujerar yana zaune ya sa filas ɗinsa a kwamfuta ta biyu, wadda na rubuta ƙarara tana da cuta, yana kwafar fina-finai.

Na ce, "Alhaji, kai ka ce ta kashe."

Ya ce, "A ina aka rubuta?" Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ɓare goro ya miƙo min rabi.

Ban karɓa ba, na ajiye masa ambulan ɗin na ce ya nemi wani. Na fito ina jin kamar na taka kashi da ƙafa ba takalmi. Ban yi jarumta ba, kada wani ya yaba min, domin ƙin kwangilar bai mayar da kowa kujerarsa ba.

Abin da ya rage shi ne dattijon. Na rubuta sabuwar takarda, na faɗi duka, cewa umarnin mai shago ne, kuma na'urorin nan ba don kulawarta ba da tuni rabinsu sun tafi wajen 'yan gwangwan. Na sa hannu na buga hatimi. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, na cire takalmi na durƙusa.

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, gyara na zo yi. Takardar da aka kawo maka tawa ce, kuma rabin magana ce."

Ya sa tabarau ya karanta a hankali har ƙasa. Ya ninke ta gida huɗu, ya miƙo min abata.

Ya ce, "Ɗana, ai na sani. Alhajin nan a gabana ya girma, na san rowarsa tun yana tallan rake. Ita ma ta faɗa min tun bara."

Na ce, "To, Baba, in ka sa baki ai zai mayar da ita."

Ya gyara carbinsa. Ya ce surukin Alhaji ya zo masa sau uku a kan yaron nan mai difloma, shi kuma tsufa ya zo, ba ya son ɓatawa da gida biyu a kan kujera ɗaya. Ya ce da takardata ta zo, kowa ya samu hanyar fita ba tare da an ji kunya ba. Allah zai ba ta wani aikin, in ji shi, ai yarinyar kirki ce.

Ina shirin miƙewa ya laluba aljihu ya fito da wayarsa.

Ya ce, "Tunda Allah ya kawo ka, duba min wannan. Kwana biyu tana ta nuna min wani rubutu, wai a sabunta."

Na karɓa da hannu biyu, na yi masa. Na zauna a gefen tabarmar har ta gama ta kunna kanta, ya sa min albarka, na ce amin.