Ranar da Yayana Ya Rasu

Shekara huɗu muka yi ba mu ji ɗuriyar yayana ba. Ya bi motar shanu zuwa kudu, kamar yadda ya saba, bai dawo ba. Sai a farkon 1985 wani makaniki Kirista, wanda suka daɗe suna tafiya tare, ya bi tambaya daga Anka har ya iso gidanmu a Bukkuyum. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Inna, ya ce zazzaɓi ne ya kama yayana a wani gari a hanya, kuma Hausawan garin sun yi masa sutura.

Inna ba ta yi kuka a gabansa ba. Yayana ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ta yi salati, sannan ta ce, "Yaron nan, wace rana ta?"

"Ranar Kirsimeti ce, Mama. Ta 1980. Shi ya sa ban manta ba."

"Ba ita ni ka tambaya ba. Jumu'a ta?"

Bai sani ba. Na gane abin da take nema. Tun muna yara take gaya mana cewa wanda ya cika ranar Juma'a ko darenta an kare shi daga fitinar kabari. Ba ta ga gawarsa ba, ba za ta ga kabarinsa ba. Wannan kaɗai ya rage mata.

Lokacin ina koyarwa a firamare. Na duba makaranta da shagunan teloli, babu mai kalandar shekarar. An yi marfin littafi da su tuntuni. Sai na tuna da hanyar da malamin lissafinmu ya koya mana a Gummi, wadda muka ɗauka wasa ce. Yakan ce mako yana komawa inda ya fara, don haka duk bakwai ɗin da ka samu ka yar, ragowar kawai ke da aiki.

Na ɗauko takarda. Inna ta ce a'a, abin da ba ta gani da idonta ba ba za ta yarda da shi ba. Ta ɗebo wake a faifai ta ajiye tsakaninmu.

Ranar Asabar ce, tara ga Maris. Na ce mata daga Kirsimetin da ta wuce zuwa yau kwana saba'in da huɗu ne. Ta ƙirga waken da kanta, ta riƙa ture bakwai-bakwai gefe, huɗu suka rage. Na ce kowace shekara makonni ne cikakku da kwana ɗaya a kai, don haka ta sa ƙwaya ɗaya ga kowace shekara cikin huɗun. Sannan ta ƙara ɗaya, saboda watan Fabrairun 1984 kwana ashirin da tara ya yi. Tara ke nan. Ta ture bakwai, biyu suka rage.

"To sai mi?"

"Sai mu koma baya daga yau, Inna. Ƙwaya ɗaya, kwana ɗaya."

Ta ɗaga ta farko. "Jumu'a," in ji ta. Ta biyun tana nan a faifai. Ta daɗe tana kallonta.

"Wagga hwa, ɗana? Ba ta Turawa ta ba, wadda ka ce an ƙara?"

"Ranar ta zo, Inna. Mun kwana mun tashi a cikinta."

Ta ɗauka. Alhamis.

Kawuna, wanda ke zaune bakin ƙofa, ya ce kada mu yi gaggawa. Mu a wurinmu da faɗuwar rana Alhamis ta ƙare, daren Juma'a ya shiga. In bayan magariba ya cika, ya samu. Muka juya ga makanikin. Ya sunkuyar da kai. Ya ce da safe ya bar shi yana numfashi a ɗakin da suka sauka, ya ajiye masa ruwa, ya tafi coci, daga can 'yan garinsu suka riƙe shi. Washegari da sassafe ya dawo ya tarar jikin ya riga ya yi sanyi. Babu wanda ke tare da shi.

Inna ta dube ni. "Lissahin naka ba ya hiddo lokaci?"

Na ce ba ya fitarwa.

Ta sa aka kawo wa baƙon fura, ta yi masa godiya da ya zo. Bai iya sha ba.

Ta rayu shekara uku bayan haka. Wani lokaci, in na dawo daga makaranta, sai ta ce in zauna mu sake dubawa, ko mun yi kuskure. Kwanan wata ya canja, ragowar ta canja, amma kullum a Alhamis muke tsayawa. Sau ɗaya na ce mata ina kyautata zaton da dare ne, don masu zazzaɓi sun fi cikawa da dare. Ta ce in bari, ba ni can.