Ranar da Mayonis ɗin Yaya Ya Tsinke

Wai an kori Yaya daga gidan abinci ne don ta harari mayonis har ya tsorata ya tsinke. Ƙarya ce, kodayake harararta na iya dafa ƙwai.

Yaya 'yar kawunmu ce, a kicin ɗin nan ta yi furfura. Ita ta samo wa aminiyarta Doguwa aiki a wurin, ta koya mata komai. Ta nuna mata cewa mai da ruwan lemon tsami ba sa ga maciji, gwaiduwa ce ke shiga tsakani, ta lulluɓe kowane ɗan ɗigon mai don kada su sake haɗewa. Shi ya sa ake zuba man ɗis-ɗis ana kaɗawa.

Ranar wata babbar walima Yaya ta fita karɓo kaya, Doguwa ta tuttula sauran man gaba ɗaya. Mayonis ya tsinke, mai na iyo a sama. Da mai gidan abincin ya leƙo, sai Doguwa ta ce, "Ranka ya daɗe, hannun Yaya ya tsufa."

A gabansa ta fasa sabuwar gwaiduwa a wani kwano mai tsabta, tana ɗiga tsinkakken a kai tana kaɗawa, har ya kama ya yi kauri. Yaya ta dawo ta tarar da dabararta a hannun wata, kafin yamma aikinta ma ya bi.

Yanzu a gida take haɗawa tana sayarwa. Na tsokane ta, "Yaya, ki fasa sabuwar gwaiduwa mana ku shirya da Doguwa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wanda ya tsinke ake gyarawa, sarkin surutu. Wanda ya ruɓe zubarwa ake yi."