Takalmin da Aka Auna da Yamma

Malam Uzairu mai ɗinkin takalmi a Azare ba ya auna ƙafar kowa da safe. Ko ka yi fushi, sai ya ce ka dawo bayan la'asar.

Hajiya Khaulat, mai sayar da atamfa, ta yi masa gardama wata safiya. Ta ce tafiyar Umara ce a gabanta, ba ta da lokacin dawowa.

"Hajiya, ƙafar safe ba ita za ta yi ɗawafi ba," in ji shi. "Ƙafa takan ɗan kumbura idan ta wuni tana ɗauke da mutum."

Da yamma ta dawo a gajiye. Ya shimfiɗa takarda a ƙasa, ta tsaya a kai da dukan nauyinta. Ya zagaya ƙafafun biyu da fensir a tsaye, ya aza rula daga diddige zuwa yatsa mafi tsawo. Ƙafar dama ta fi tsawo, sai ya ɗauki awonta.

Ya daɗe yana kallon zanen. Shi bai taɓa wuce Kano ba.

"Idan kin isa," ya ce a hankali, "ki ɗan taka min."